Allon Ɗakin Taro Ba Kebul: A Ƙirga Kwamfutoci Kafin a Huda Bango

An sa taro ƙarfe goma, ga shi goma da kwata ta yi ba a fara ba. Mai kula da asusu ya buɗe laftof ɗinsa zai nuna lissafin wata, sai aka tarar kwamfutar tasa sabuwa ce, irin siraran nan da ba su da ramin HDMI. An aiki yaro ofishin sama ya nemo mahaɗi. Wani ya durƙusa ƙarƙashin tebur yana jawo kebul ɗin da ƙafar kujera ta danne, shugaban taro kuma yana duba agogo. Duk wanda ya yi aikin ofis, ko na gwamnati ko na kamfani ko na ƙungiya, ya san wannan kwata ɗin awa da ake zubarwa kusan kowane mako.

Shi ya sa ofisoshi da dama ke kafa babban allo a bango, wanda kowa zai tura masa abin da ke fuskar kwamfutarsa daga inda yake zaune, ba tare da an miƙa masa kebul ba. Abin yana yiwuwa, kuma ba ya buƙatar kuɗi masu yawa kamar yadda ake zato. Sai dai yawancin masu yin sa suna farawa ne ta wutsiya: a je kasuwa a sayo talabijin mafi girma da kuɗi ya kai, a kira mai huda bango, sannan ranar taro a gano cewa kwamfutar shugaba ba ta ganin allon ko kaɗan. Allon shi ne sashe mafi sauƙi a aikin. Abin da ke yanke hukunci shi ne irin kwamfutocin da za su shigo ɗakin, da kuma hanyar da saƙonsu zai bi.

Harsuna uku da ba sa jin juna

Kebul ɗin HDMI ba ruwansa da wanda ya ƙera kwamfuta, muddin akwai rami zai yi aiki. Da zarar an cire shi, sai kowace kwamfuta ta koma yarenta na gida, kuma manyan yarukan uku ne.

Na farko shi ne Miracast, wanda ƙungiyar Wi-Fi Alliance ta fitar a shekarar 2012. Shi ne yaren kwamfutocin Windows. Mutum ya danna maɓallin Windows tare da harafin K, sai jerin allunan da ke kusa ya bayyana a gefe, ya zaɓi nasa. Abin lura game da Miracast shi ne a asalinsa ba ya bi ta rauta. Kwamfuta da allo ne ke ƙulla waifai na kansu kai tsaye, kamar mutum biyu da suka keɓe a gefen kasuwa suna magana. Don haka yana iya aiki ko da babu intanet a ginin gaba ɗaya.

Na biyu AirPlay ne, na kamfanin Apple. Kwamfutar Mac da wayar iPhone ba su san Miracast ba, kuma ba a taɓa koya musu shi ba. A Mac ana shiga Control Center ne a zaɓi Screen Mirroring. Tun daga 2019 wasu talabijin na Samsung, LG da Sony suka fara zuwa da AirPlay a cikinsu, amma ba kowane samfuri ba, kuma irin waɗannan talabijin suna buƙatar su da Mac ɗin su kasance a kan netwok ɗaya.

Na uku shi ne na Google, wanda ya shahara da ƙaramar na'urar Chromecast da ta fito a 2013. Kamfanin ya daina ƙera ta a 2024, ya maye gurbinta da Google TV Streamer, amma yaren na nan a cikin talabijin masu tsarin Android TV da Google TV. Amfaninsa shi ne duk kwamfutar da ke da burauzar Chrome, Windows ce ko Mac, tana iya zaɓar Cast ta tura shafi ɗaya ko fuskar kwamfutar baki ɗaya. Shi ma sai ta netwok ɗaya.

A nan ne mai saye ke faɗawa rami. Mai shago zai ce, “Alhaji, wannan simat ne, komai yana yi.” Gaskiya ne simat ne, amma kalmar ba ta faɗi wane yare yake ji ba. Akwai talabijin da ke jin Miracast da AirPlay amma ba ya jin na Google, akwai mai jin na Google kaɗai. Hanyar da ba ta ƙarya ita ce mai saye ya tafi shago da laftof biyu, Windows da Mac, ya sa a kunna talabijin ɗin, ya gwada a gaban mai shago kafin ya biya.

Akwai hanya ta huɗu da ke tsallake rigimar yare gaba ɗaya. Kamfanin Barco na ƙasar Beljiyam ya fitar da ClickShare a 2012: akwati ƙarami da ake haɗawa da allo, da wani maɓalli mai gajeriyar wutsiya da ake soka wa laftof a ramin USB. Idan zoben fitilarsa ya tsaya fari, a shirye yake. A danna shi ya koma ja, hoto ya hau allo. Maɓallin da akwatin suna da waifai nasu, ba ruwansu da na ofis. Tsadarsa ce matsalar, domin wani lokaci yakan fi talabijin ɗin kuɗi. Akwai masu araha da ke aiki da irin wannan dabara, guda biyu a kwali, ɗaya a soka wa allo ɗaya a soka wa ramin HDMI na laftof, ba sai an ɗora wata manhaja ba. Wannan irin ya fi dacewa da ɗakin da baƙi suka fi shiga, kamar ɗakin taron otal, inda ba wanda ya san da wace kwamfuta za a zo gobe.

Ɗaki mai kujera goma sha biyu

A ɗauki misalin ofishin da ke da ɗakin taro mai tsawon mita 7 da faɗin mita 4, da dogon tebur mai kujera 12. Ma'aikata tara suna da Windows, biyu suna da Mac, kuma baƙi kan zo sau ɗaya ko biyu a wata. Wannan ƙirgar ita ce takardar sayayya: ana buƙatar allon da ke jin Miracast da AirPlay duka, ko kuma allo kowane iri tare da akwatin karɓa da ke jin su biyun. Baƙo kuwa, in mai Windows ne zai shiga kai tsaye, in mai Mac ne sai an ba shi kalmar sirrin waifai ɗin da allon yake kai.

Kafin a kashe ko kwabo, ya kamata a tabbatar kwamfutocin taran nan suna iya Miracast, domin ba kowace ba ce, musamman tsofaffin da aka sayo na hannu aka sake musu Windows. A buɗe Command Prompt a rubuta:

```
netsh wlan show drivers
```

Kusa da ƙarshen abin da zai fito akwai layin da ya fara da Wireless Display Supported. Idan ya ce Yes, shi ke nan. Idan ya ce No, zai nuna ko ɓangaren hoto ne bai yarda ba ko na waifai, kuma sau da yawa sabunta direban wannan ɓangaren daga shafin kamfanin da ya ƙera laftof ɗin yana warware matsalar. Minti biyu ne a kowace kwamfuta, amma yana hana a zargi allon da bai ji ba bai gani ba.

Sai girman allo. Masu wannan sana'a suna da tsohuwar ƙa'ida mai sauƙin riƙewa: nisan mutumin da ya fi kowa nisa kada ya wuce tsayin hoton sau shida in rubutu za a karanta, sau huɗu in ƙananan alƙaluma ne, sau takwas in bidiyo kawai za a kalla. Tsayin hoton ake nufi, daga ƙasa zuwa sama, ba incin da aka rubuta a kwali ba, domin shi wannan daga kusurwa zuwa kusurwa ake auna shi. Allo mai inci 55 tsayin hotonsa kusan santimita 68 ne, mai inci 65 kusan 81, mai inci 75 kuma kusan 93.

A ɗakin misalin nan, kujerar ƙarshe tana mita 5 da rabi daga bango. Inci 55 zai wadatar da mai nisan mita 4 da ɗan kai ne kawai. Inci 65 ya tsaya a ƙasa da mita 5. Inci 75, wato 93 sau shida, ya kai mita 5 da santimita 58, ya rufe ɗakin da ƙyar. Don haka shi za a saya. Ko da shi ɗin, ranar da mai asusu zai nuna jadawalin Excel, ƙa'idar sau huɗu ce ke aiki, kuma ita ta tsaya a mita 3 da santimita 72. Mafita ba ƙara girman allo ba ce, mai gabatarwa ne zai ƙara girman rubutun zuwa kashi 150 cikin ɗari ya riƙa nuna jadawalin sashe-sashe.

Talabijin na gida ko allon kasuwanci? Allunan da aka ƙera don ofisoshi ana rubuta musu 16/7 ko 24/7, ma'ana an yi su ne don su yi awa 16 ko 24 a kunne kowace rana, kuma sukan fi haske. Ɗakin da ake taro awa biyu ko uku a rana ba ya buƙatar wannan. Talabijin na gida mai kyau ya isa. Abin da ya fi muhimmanci shi ne bangon da aka zaɓa. Kada allon ya fuskanci taga, domin gilashinsa zai zama madubi, kuma kada taga ta kasance a bayansa, domin hasken rana zai kashe wa masu kallo ido. In babu makawa, kuɗin labule mai kauri na cikin kuɗin aikin.

Bangon bulo da abin da zai iya ɗauka

Allo mai inci 75 yakan kai kilo 30 ko fiye, kuma zai rataya ne a saman kawunan mutane na tsawon shekaru. A bayansa akwai ramukan noti huɗu da aka jera bisa ma'aunin da ake kira VESA, wanda ake rubutawa kamar 400x400 ko 600x400, wato tazarar ramukan a milimita. Ƙarfen ratayar da za a saya dole ya dace da wannan tazara, kuma nauyin da aka rubuta a kwalinsa ya zarce na allon sosai. Manyan alluna yawanci notin M8 suke ɗauka. A kula da tsawonsa: notin da ya yi tsawo yakan shige ciki ya taɓa kayan allon, gajere kuma zare biyu ko uku kawai zai kama.

Yawancin gine-ginen ofis a Kano, Kaduna ko Abuja da bulon siminti mai rami aka yi su, mai inci 6 ko inci 9, kuma kowa ya san ingancin bulo ya danganta da yawan simintin da mai bugawa ya ga damar zubawa. Idan injin huda ya shiga santimita uku ko huɗu sai ya faɗa fanko, an sami ramin bulo ke nan, kuma ƙaramin abin roba da ake cusawa a ɗaure noti ba shi da abin kamawa a wurin sai filasta da ɓawon bulo. A irin wannan hali ana matsawa gefe a nemi inda bulon yake cike, domin ƙarfen rataya yana da dogayen ramuka da ke ba da damar haka. In ba a samu ba, a yi amfani da maƙalin da aka yi musamman don bango mai rami, ko kuma a huda bangon ya fita ta baya a ɗaure dogon noti da faffadan ƙarfe. Ƙurar da ke fitowa ma tana ba da labari: in yashi ne ke zubowa kamar gari, bulon ba shi da ƙarfi, kuma hudawa har baya ta fi kwanciyar hankali.

Bangon raba ɗaki na allon jifsam ko katako kuwa ba ya ɗaukar wannan nauyi shi kaɗai. Sai an nemo ginshiƙan da ke cikinsa an ɗaure a kansu, ko a haƙura a sayi tsayayyen ƙarfe mai taya.

Kuskuren da aka fi gani shi ne kai allo can kusa da rufi, kamar a gidan kallon ƙwallo. A can mutane da yawa ne ke hange daga nesa. A ɗakin taro zaune ake, kuma idon mai zama yana kusan santimita 120 ne daga ƙasa. Tebur yana da tsayin kusan 75. Idan aka sa gindin allon a santimita 110, ya haye tebur da buɗaɗɗun laftof, samansa kuma zai tsaya a ɗan sama da mita 2, wanda na kusa zai iya kallo awa guda ba tare da wuyansa ya ƙage ba. Kafin a huda, a yanka kwali daidai girman allon, mutum biyu su riƙe shi a bango, wani ya zauna a kujerar farko da ta ƙarshe ya duba. A auna daidaiton ƙarfen da ma'aunin magina mai ɗigon ruwa, kada a dogara da layin rufi, wanda shi kansa ba lalle ne ya miƙe ba. Ɗaga allon aikin mutum biyu ne ko uku, kuma a soka duk kebul ɗin da ake buƙata tun yana ƙasa, don hannu ba ya shiga bayansa cikin sauƙi bayan ya hau.

Idan an ɗauke wuta

Allon da ba shi da kebul daga laftof har yanzu yana da kebul na wuta, kuma a nan ne tsarin da ba waya yake da rauni fiye da tsohon. Idan Nepa ta ɗauke ana jiran a tada janareto, laftof ba ta ji ba saboda batirinta. Amma allo ya mutu, rauta ta mutu, akwatin karɓa ya mutu. Wuta ta dawo bayan daƙiƙa talatin, allon ya tashi, rauta kuma ta ɗauki minti ɗaya ko biyu kafin ta dawo hayyacinta, sannan mai gabatarwa ya sake neman allo daga farko. Da kebul ne, hoton zai dawo da kansa.

Maganin shi ne a ɗora ukun nan a kan ƙaramin batirin ko-ta-kwana na UPS, ko a layin inbata in ofishin na da ita. A duba takardar da ke manne a bayan allon don ganin wat nawa yake ci. Ko da ya kai 200, rauta da akwatin karɓa ba za su ƙara abin da ya wuce 30 ba, don haka UPS mai ƙarfin 1000VA zai riƙe su har a sauya layi. Ba a sayo shi don ya riƙe taro na awa guda ba, aikinsa cike giɓin 'yan mintuna ne. A tabbatar rautar da allon ke amfani da ita tana ciki, ko da a wani ɗaki take, domin an sha kare allo a manta da ita.

Wani ƙaramin abu da ke wahalar da mutane: 'yan na'urorin karɓa da ake sokawa a HDMI suna shan wuta ta USB, kuma ana son a soka su a ramin USB na talabijin don tsafta. Da yawa daga waɗannan ramuka rabin amfiya kawai suke bayarwa, na'urar kuma tana son ɗaya cur. Alamar ita ce hoto ya yi minti goma lafiya, sai na'urar ta mutu ta sake tashi da tambarinta. A ba ta cajarta a soket. Kuma kada a cusa ta can tsakiyar bayan allo, inda ƙarfe da bango suka rufe ta. A sa mata gajeren kebul na ƙari ta leƙo ta gefe ko ta ƙasa, ta sami sigina ta kuma sha iska.

Ranar gwaji: Windows ta gani, Mac ba ta gani ba

An gama rataya, an kunna. Masu Windows sun danna maɓallansu, sunan allon ya fito, hoto ya hau. Hajiyar da ke riƙe da Mac ta buɗe Screen Mirroring, jerin babu kowa. Nan take za a ce Mac ɗin ce ke da matsala, ko a ce mai shago ya yi ƙarya. Alhali wannan rabuwar ita kanta shaida ce. Windows ta bi hanyarta ta kai tsaye, ba ta tambayi rauta ba. Mac kuwa ta rauta take neman allo. In ɗaya ta gani ɗaya ba ta gani ba, netwok ɗin ofis ne abin tuhuma.

Yadda Mac ke neman allo kamar shela ce. Allon yana sanar da sunansa ga duk wanda ke cikin gida, kwamfuta kuma tana saurare. Ana kiran tsarin mDNS, Apple na ce masa Bonjour, kuma Chromecast ma da shi yake amfani. Shelar nan ba ta tsallake katanga: ba ta fita daga netwok ɗin da aka yi ta.

Abu na farko da za a duba shi ne ko su biyun a gida ɗaya suke. Ofisoshi da yawa suna da rauta biyu ko uku daga kamfanonin sadarwa daban-daban, saboda in sabis ɗin wannan ya faɗi a koma wancan, kuma kwamfuta takan koma wadda ta fi ƙarfi ba tare da ta yi sallama ba. A shiga saitin netwok na allon a karanta adireshinsa, a kwatanta da na kwamfutar. A ce allon ya nuna 192.168.1.40, Mac ɗin kuma 192.168.8.103. A ƙananan netwok irin na ofis, rukunai ukun farko dole su zo ɗaya. Nan ɗaya na da 1 ɗaya na da 8, wato gida biyu ne. A mayar da Mac ɗin kan waifai ɗin da allon yake, sunan zai fito cikin daƙiƙoƙi.

In adireshin sun dace amma har yanzu shiru, sai a gwada ƙwanƙwasa ƙofar allon daga kwamfuta:

```
ping 192.168.1.40
```

Idan ba amsa alhali kowannensu na shiga intanet lafiya, mai yiwuwa rautar ce ta hana su magana da juna. Akwai saitin da ake kira AP Isolation ko Client Isolation, wanda ke barin kowace na'ura ta fita intanet amma ya hana ta ganin maƙwabciyarta. An yi shi ne don tsaro, kuma waifai na baƙi kusan kullum da shi yake zuwa a kunne. Mai kafa allon da ya haɗa shi da waifai na baƙi saboda kalmar sirrinsa ce ke manne a bango ya jefa shi kurkuku ba da sani ba. A mayar da allon kan netwok ɗin ma'aikata. A manyan ma'aikatu da aka rarraba netwok sashe-sashe da gangan, wannan aikin jami'in kula da kwamfutoci ne, shi zai buɗe wa shelar hanya tsakanin sassan, kuma gara a shigo da shi tun kafin saye.

Idan akasin haka ya faru, Mac na aiki amma wata Windows ta tsaya a Connecting har ta gaji, to netwok ya fita daga zargi, a koma kan kwamfutar: tsohon direba, manhajar kariya daga ƙwayar cuta da ta toshe hanya, ko VPN da aka bari a kunne. A kashe VPN ɗin a sake gwadawa kafin a taɓa komai.

Hoton da ke tsinkewa ko linzamin da ke bin hannu a makare kuma alamar cunkoso ce. Waifai na da manyan hanyoyi biyu, 2.4 GHz da 5 GHz. Ta farkon tana da layuka uku ne kacal da ba sa hawa kan juna, 1 da 6 da 11, kuma a bene mai ofisoshi goma kowa a kansu yake. A sa kwamfutocin ɗakin taro a kan 5 GHz. Shi kuma allon, tunda ba ya motsi, a ja masa kebul na netwok daga rauta zuwa raminsa na LAN. Da alama abin dariya ne a ja kebul don a rabu da kebul, amma wannan a bango yake ɓoye, kuma yana rage wa iska rabin kayan da take ɗauka na AirPlay da Cast.

Tambayar da shugaban ofis zai yi ita ce ko abin zai cinye data. Tura fuskar kwamfuta zuwa allo ba ya fita daga ginin, saboda haka ba ya taɓa data. Abin da ke ci shi ne bidiyon da aka buɗe daga intanet, da sabunta manhajar da talabijin ke yi wa kansa.

Abin da bai kamata ya hau bango ba

A sauya wa allon suna. In aka bar shi da sunan masana'anta, kuma akwai irinsa a ofishin maƙwabta, wata rana takardar albashi za ta bayyana a bangon wasu. A kira shi da sunan ɗakin, a kuma kunna saitin da ke sa allon ya nuna lambar sirri ko ya nemi izini kafin ya karɓi sabuwar kwamfuta. A AirPlay lamba huɗu ce ke fitowa a allo, wanda ba ya cikin ɗakin ba zai gan ta ba.

Mai gabatarwa ma yana da nasa tsaron. Idan ya haɗa, Windows takan kwafi duk abin da ke fuskarsa zuwa bango, har da saƙon WhatsApp da uwargida ta turo game da kuɗin cefane. Danna maɓallin Windows da P a zaɓi Extend yana mayar da allon bango fuska ta biyu, inda abin da aka ja aka kai can kaɗai ake gani. Kunna Do not disturb kafin taro yana rufe bakin sanarwa. Da an gama kuma a danna Disconnect, domin Miracast yawanci mutum ɗaya yake karɓa a lokaci guda, kuma wanda ya koma kujerarsa bai cire ba ya tare wa na gaba hanya.

Idan gefunan hoton sun yanke, layin ƙasa na Windows ya ɓace rabi, talabijin ne ke faɗaɗa hoto kamar yadda yake yi wa tashoshi; a saitin hoto LG na kiran gyaran Just Scan, Samsung kuma Fit to Screen. Idan taron ya haɗa da na nesa ta Zoom ko Teams, kwamfuta ɗaya kawai za ta buɗe makirufo da lasifika a ɗakin, in ba haka ba ƙara za ta yi ta zagayawa har kunne ya gaji. Kuma tura hoto zuwa allo ba ya haɗa laftof da kyamarar ɗaki. Wannan wani aiki ne daban da kayansa daban.

Saura abu biyu masu arha. Ɗaya takarda ce da za a manna a gefen allo da manyan haruffa: sunan waifai, sunan allo, Windows da K ga masu Windows, Screen Mirroring ga masu Mac. Ɗayan kuma kebul ɗin HDMI ne mai tsawon mita 5, a soke shi a rami na biyu tun ranar rataya, a naɗe shi a ƙugiya a bayan allon tare da mahaɗin USB-C da aka ɗaure masa da zare don kada ya bi wani gida. Baƙon da ma'aikatarsa ta kulle masa kwamfuta ta hana ta tura hoto ta iska zai buƙace shi, haka ma ranar da rauta ta ƙone ana saura minti biyar taron hukumar gudanarwa.